Yadda Ake Tsara Kuɗin Kiran Gaggawa ga Ma'aikacin da Aka Taso Bayan Ya Tashi Aiki

Tambayoyi iri biyu ake yawan yi mini a kan wannan magana, kuma daga ɓangarori biyu suke zuwa. Ma'aikaci yana tambaya: an kira ni ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na taho daga gida, aikin bai wuce minti arba'in ba, nawa ya kamata a biya ni? Mai kamfani kuma yana tambaya: yarona ya fara ƙin ɗaukar waya da dare, yaya zan yi da shi? Amsar duka biyun ɗaya ce. A sa ƙa'idar mafi ƙarancin awannin da za a biya duk wanda aka taso daga gida, a rubuta ta, a buɗe mata littafi.

Misalin da zan bi har ƙarshe na makaniken janareta ne a wani kamfanin ƙanƙara da ruwan leda a Sakkwato, a kan hanyar Kalambaina, gidansa kuma yana Mabera. Albashinsa naira 104,000 a wata, yana aiki kwana shida a mako, daga takwas na safe zuwa biyar na marece da hutun awa ɗaya a tsakani. Alƙaluman na misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Mataki na 1: San abin da doka ta ba ka da abin da ba ta ba ka ba

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta ajiye wani adadin awanni da dole a biya wanda aka kira bayan ya tashi aiki ba. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ma'aikaci ya sani kafin ya ɗaga murya. Sashe na 13 na dokar ya ce awannin aiki na yau da kullum ana yanke su ne ta hanyar yarjejeniya tsakanin mai aiki da ma'aikaci, ko ta hanyar ciniki da ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashi ta masana'antar. Ya kuma ce duk awannin da aka sa ma'aikaci ya yi fiye da waɗannan, oba ce. Amma bai faɗi farashin awar oba ba, bai kuma ce komai a kan ɗan gajeren aikin da aka taso mutum dominsa ba.

Wasu ƙasashe sun rubuta abin a dokarsu. A Afirka ta Kudu, tun daga 2019, ƙaramin ma'aikacin da ya yi aikin da bai kai awa huɗu ba a rana sai an biya shi kuɗin awa huɗu. A dokar tarayya ta Kanada awa uku ne ga wanda ya amsa kiran mai aiki. Na kawo su ne don a ga inda mutane ke samo maganar awa uku da awa huɗu, amma ba su aiki a Sakkwato.

Gargaɗi: kada ka je gaban mai kamfani ka ce doka ta wajabta masa biyan awa uku. Zai tambayi lauyansa, a ce masa babu wannan a doka, daga nan kuma ko gaskiyar da ke cikin maganarka ba zai ƙara saurara ba. Abin da doka ta ba ka shi ne ƙofa. Sashe na 7 ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, wadda ta ƙunshi albashi da yadda ake lissafa shi da awannin aiki. Ta wannan takardar ake shigar da kuɗin kira, kuma da zarar ya shiga ya zama haƙƙin da kotu za ta iya tilasta biyansa.

Ma'aikatan asibitocin gwamnati da ke karɓar alawus na kira ko na shif kowane wata suna da nasu tsarin daban, wannan jagorar ba ta su ba ce.

Mataki na 2: Fitar da kuɗin awa ɗaya

Mafi yawan ma'aikata a nan albashin wata suka sani, ba su taɓa lissafa abin da awarsu ɗaya ta kama ba. Ba a iya maganar awa uku sai an san wannan.

A ƙirga kwanakin aiki na wata, a ninka da awannin aiki na yini, a raba albashi da abin da ya fito. Mai kwana shida a mako yana da kwana 26 a wata. Kwana 26 sau awa 8 ya ba da awa 208. Naira 104,000 a raba 208, awar makanikenmu ta kama naira 500.

Sai farashin oba. Tunda doka ba ta yanke ba, yarjejeniya ce. Abin da aka fi sabawa da shi a kamfanoni shi ne awa ɗaya da rabi a ranar aiki, ninki biyu kuma a ranar hutu da ranakun hutun gwamnati irin na Sallah. Ke nan naira 750 a daren ranar aiki, naira 1,000 a ranar hutu.

Gargaɗi: akwai dabaru biyu da ke rage kuɗin awa ba tare da an lura ba. Ta farko ita ce raba albashi da kwana 30 maimakon 26. In aka yi haka awar makaniken za ta faɗo zuwa kusan naira 433. Ta biyu ita ce lissafi da tushen albashi kaɗai, a cire alawus na gida da na mota, alhali a wasu wuraren tushen bai kai rabin abin da mutum ke karɓa ba. Ko wanne aka zaɓa a rubuta shi ƙarara, a kuma rubuta sakamakon da naira. Ni na fi son a sa adadin a takarda, a ƙara da cewa duk lokacin da albashi ya ƙaru za a sake lissafi.

Mataki na 3: Yanke mafi ƙarancin awanni

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ake samun saɓani, don haka a yi lissafin a gaban juna.

An ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya na dare a watan Afrilu, janareta ya ƙi tashi, ƙanƙara na cikin tankuna, zafin Sakkwato kuma ba ya jiran safiya. Maigadi ya kira manaja, manaja ya kira makanike. Ya tashi daga barci, ya nemi kabu-kabu a Mabera a wannan tsakar daren, ya isa kamfani, ya tarar iska ce ta shiga layin gas, ya fitar da ita, inji ya tashi. Aikin minti arba'in. In aka biya shi daidai mintocin da ya yi a farashin oba, zai karɓi naira 500. Mu ce zuwa da dawowa a kabu-kabun dare sun ci masa naira 1,500. Ya ceci kayan kamfani, ya rasa barcinsa, ya kuma yi asarar naira 1,000 daga aljihunsa. Wanda aka yi wa haka sau biyu, a karo na uku wayarsa a kashe za a same ta, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ake biya a kiran dare ba mintocin da hannu ya taɓa inji ba ne kawai. Ana biyan tasowar da kanta. Mai kabu-kabu ma yana da farashin da ba ya sauka ƙasa da shi, ko da bakin layi za ka.

To awa nawa? Hanya mai sauƙi ita ce a ƙirga ainihin lokacin da kiran ke ci. Shiri da neman abin hawa minti ashirin, tafiya rabin awa, aiki minti arba'in, dawowa rabin awa, sannan a wanke hannu a koma a nemi barci. An haura awa biyu tun kafin a sa ladan katse masa hutu. Shi ya sa nake ba da shawarar awa uku ga wanda ke zaune cikin gari. Awa biyu ta isa ga wanda ke kwana a gidajen kamfani ko kusa da shi. Awa huɗu ta dace da wanda ke tahowa daga nesa, kamar Dange ko Bodinga, ko wanda aikinsa ke da haɗari da dare, irin mai hawa tiransifoma.

Ga makanikenmu, awa uku a farashin naira 750 sun kama naira 2,250. Ƙa'idar kuma ita ce a biya wanda ya fi yawa tsakanin awa ukun da ainihin awannin da aka yi. Ba a haɗa su. Wanda ya yi awa biyar ana biyansa awa biyar, ba takwas ba.

Gargaɗi: kada a haɗe kuɗin mota cikin kuɗin kira. Farashin fetur yana motsi, albashi ba ya motsi da shi, in aka haɗe su wata rana kuɗin mota zai cinye duka. A ware shi: ko kamfani ya aika mota, ko ya biya adadin da aka amince da shi a kowace tafiya, a riƙa duba adadin duk bayan wata shida. Kada kuma ma'aikaci ya dogara da sashe na 14 na dokar a nan. Wannan sashen yana maganar wanda aka tura wani wurin aiki mai nisan kilomita 16 ko fiye daga inda ya saba aiki ne, ba tafiya daga gida zuwa kamfani ba.

Mataki na 4: Fayyace abin da ake kira "kira"

Rigimar da ke zuwa bayan an amince da awa uku duk a kan wannan take. Kowane hali da ba a faɗa ba tun farko, ranar da ya faru kowa zai fassara shi yadda ya dace da aljihunsa. Ga waɗanda ya kamata a yanke hukuncinsu.

In an tsayar da ma'aikaci bayan ƙarfe biyar bai riga ya bar kamfani ba, wannan oba ce kawai, ana biyan awannin da ya yi. Haka ma in an ce ya zo ƙarfe bakwai maimakon takwas ya zarce da aikinsa na yini, domin tafiya ɗaya ya yi, wadda dama zai yi ta. Kuɗin kira yana hawa ne idan mutum ya bar wurin aiki aka dawo da shi, ya gama ya sake komawa gida.

In an kira shi sau biyu a dare ɗaya, tsarin da ya fi adalci shi ne a ɗauki awa ukun a matsayin lokacin da aka riga aka saya. Kiran farko ya fara ƙarfe goma, to har ƙarfe ɗaya an biya. Kira na biyu da ya faɗo kafin ƙarfe ɗaya ba ya buɗe sabbin awa uku, sai dai a biya abin da ya haura ƙarfe ɗaya, a kuma biya kuɗin mota na biyu. Wanda ya zo bayan ƙarfe ɗaya sabon kira ne.

In an kira shi, yana kan hanya wuta ta dawo aka ce ya koma, ko ya iso ya tarar wani ya gyara, a biya shi cikakken awa ukun. Ya riga ya taso. Wannan ne halin da masu kamfani suka fi jin nauyinsa, kuma shi ne wanda ma'aikata suka fi riƙewa a zuciya in an hana su.

In matsalar ta warware ta waya, makanike yana kwance ya gaya wa maigadi abin da zai danna, ba a biyan awa uku. A sa mata ɗan adadi nata, kamar rabin awa.

Akwai kuma zaman jira, wato a ce wa mutum kada ya bar gari a makon nan, kada ya kashe waya. Wannan wani abu ne daban, kuma kuɗin kira ba ya biyansa. Wanda aka hana zuwa biki a Gwadabawa ko ta'aziyya a Tambuwal saboda ƙila a neme shi, an ɗauki wani abu daga lokacinsa ko da ba a kira shi ba. A sa masa ƙaramin alawus na mako, in kuma makanikai biyu ne su riƙa karɓa-karɓa.

Sai maganar lokacin da agogo ke fara ƙirga: daga buga waya ne ko daga isowa bakin ƙofa? In ana biyan awa uku da kuɗin mota, isowa ƙofa ya wadatar, kuma shi ne mai sauƙin tabbatarwa. A rubuta kuma mutanen da ke da ikon yin kira. In kowa zai iya kira, ƙarshen wata manaja zai ce shi bai aika a kira kowa ba.

Mataki na 5: Kai maganar gaban mai kamfani

Kada a tayar da ita a daren da aka yi kiran, lokacin da kowa ke cikin gajiya, kada kuma a tayar da ita ranar biyan albashi a gaban sauran ma'aikata. A nemi zama na musamman, a je da takarda ɗaya mai ɗauke da kiraye-kirayen wata biyu ko uku da suka wuce, da abin da aka kashe a hanya. In akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin, wakilinta ne zai gabatar. In babu, duk waɗanda ake kira su je tare: makanike, mai gyaran wuta, direba.

Magana kamar haka ta isa: "Ranka shi daɗe, ba ƙin zuwa nike ba, duk sadda anka kira ni ina tahowa. Amma ga abin da wanga kira ke ci mini. Ina son a sa mai ƙa'ida, kowa shi san abin da ad da shi."

Amsar da aka fi ji ita ce: "Ai ina ba ka na mai in ka zo." Gaskiya ne, masu kamfani da yawa suna sa hannu a aljihu su ba da dubu ɗaya ko biyu, kuma da kyakkyawar niyya. A gode masa, sannan a nuna masa matsalar: ranar da yake Kano ko Saudiyya, manaja ba ya bayarwa, kuma kyauta ba ta shiga lissafin akanta. Shi ma Alhaji ƙa'idar tana kare shi, domin zai san abin da kira ke ci a wata, manaja kuma zai daina taso mutum saboda abin da zai iya jiran safiya.

Mataki na 6: Rubuta shi a takarda

Sakin layi ɗaya ya isa. Ga siffar da za a iya bi:

"Idan manaja ko mataimakinsa ya kira ma'aikaci ya dawo wurin aiki bayan ya tashi, ko a ranar hutunsa, za a biya shi kuɗin awa uku ko na awannin da ya yi, duk wanda ya fi yawa. Farashin awa shi ne naira 750 a ranar aiki, naira 1,000 a ranar hutu da ranakun hutun gwamnati. Lokaci yana farawa daga isowarsa ƙofar kamfani. Za a biya kuɗin mota naira 1,500 a kowace tafiya. Idan aka soke kiran bayan ya bar gida za a biya cikakken kuɗin. Za a biya kuɗin kira tare da albashin watan, a layinsa daban."

A ƙara hukuncin kira biyu a dare ɗaya da na waya da na zaman jira kamar yadda aka amince. A rubuta da Hausa da Turanci, kowa ya sa hannu a kan duka biyun da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafinsa. Sashe na 7 ya ce in sharuɗɗan aiki suka canza, mai aiki ya sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya, don haka wannan takardar ba alfarma ba ce.

Gargaɗi: in da ƙungiya aka yi yarjejeniyar, kada a bar ta a ofishin ƙungiya kaɗai. A sa layi a takardar ɗaukar kowane ma'aikaci cewa yarjejeniyar ta zama ɓangaren sharuɗɗan aikinsa. Wannan yana toshe gardamar da lauyoyi suka saba yi cewa yarjejeniyar ƙungiya ba ta ɗaure kamfani ga mutum ɗaya. A kuma faɗi wace ce ranar hutun, domin a Sakkwato wani wurin Juma'a ce, wani Lahadi.

Mataki na 7: Buɗe littafin kira

Kayan aikin ba su da tsada: littafi mai bango mai ƙarfi, biro, da agogon da ke tafiya daidai a ɗakin maigadi. A ja layuka: kwanan wata, wanda ya yi kiran, lokacin kira, lokacin isowa, aikin da aka yi, lokacin fita, sa hannun ma'aikaci, sa hannun maigadi. Washegari manaja ya sa nasa hannun. Shafukan su kasance masu lamba don kada a yage wani.

Ma'aikaci kuma ya riƙe nasa shaidar. Ya ɗauki hoton shafin da wayarsa kafin ya fita. In ta baki aka kira shi, ya tura ɗan saƙo: "Na samu kiranka, ina hanya." Wayar za ta ajiye lokacin da kanta.

Littafin yana da amfanin da ya wuce kuɗi. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da haɗarin da ya sami ma'aikaci a kan hanya tsakanin gidansa da wurin aiki. In makanike ya faɗi a kan babur ƙarfe ɗaya na dare, abin da zai nuna cewa aiki ya fito da shi shi ne wannan saƙon da wannan shafin. Mai kamfani kuma ya sani cewa sashe na 75 na Dokar Ƙwadago ya sa shi ajiye bayanan albashi har shekara uku, to a ajiye tsofaffin littattafan tare da su.

Gargaɗi: kada a bari a cike littafin a ƙarshen wata daga ka. Littafin da aka rubuta da biro ɗaya da hannu ɗaya a zama ɗaya, duk wanda ya buɗe shi zai gane.

Mataki na 8: Lissafin ƙarshen wata

Mu ce a watan azumi, lokacin da kasuwar ƙanƙara ta fi zafi, littafin ya nuna abubuwa biyar.

Daren Talata, iska a layin gas, minti arba'in. Bai kai awa uku ba, don haka naira 2,250. Daren Alhamis, famfon ruwan inji ya lalace, awa huɗu da rabi. Ya haura uku, sai a biya awa huɗu da rabi a naira 750, wato naira 3,375. Ranar Lahadi, wadda ita ce hutunsa, canjin batir na awa ɗaya. Awa uku a naira 1,000, naira 3,000 ke nan.

Na huɗu shi ne mai ɗan wuya. Ya iso ƙarfe goma na dare, ya fita goma da rabi. Aka sake kiransa, ya iso sha biyu da kwata, ya fita ɗaya da rabi. Awa ukun farko sun rufe daga goma zuwa ɗaya, rabin awa ya haura. Jimilla awa uku da rabi, naira 2,625, da kuɗin mota sau biyu. Na biyar, an ce ya zo ƙarfe bakwai na safe ya zarce da aiki. Wannan oba ce ta awa ɗaya, naira 750, babu kuɗin mota.

Duka sun kama naira 12,000. Tafiye-tafiye biyar a naira 1,500 sun kama naira 7,500. Abin da zai hau kan albashinsa naira 19,500 ne. Da mintoci kawai aka biya, kuɗin aikin zai tsaya a kusan naira 6,940. Ke nan ƙa'idar awa uku ta ƙara wa kamfani abin da bai fi naira 5,100 ba a watan da kira ya fi yawa. Wannan adadin ya kamata a nuna wa mai kamfani, ya ajiye shi kusa da kuɗin ƙanƙarar da za ta narke a dare ɗaya in ba wanda ya ɗauki waya.

Akantan da ke aiki da Excel zai iya sa awannin da aka yi a C2, farashin awa a D2, ya rubuta:

```
=MAX(3,C2)*D2
```

Minti arba'in ana shigar da shi a matsayin 0.67, ba 0.40 ba. Kira biyun nan na dare ɗaya kuma a shigar da su a layi ɗaya a matsayin 3.5, ba ainihin awannin da aka yi ba. Layin oba ta zarcewa kuma kada a sa masa wannan lissafin, in ba haka ba zai biya awa uku a inda awa ɗaya ta kamata.

Mataki na 9: Safiyar bayan kira

Wanda ya bar kamfani ƙarfe uku na dare, in aka ce dole ya iso takwas, a hannunsa ake samun yankewar yatsa da kuskuren haɗa waya. A rubuta cewa in kira ya wuce tsakar dare, yana da izinin isowa a makare gwargwadon awannin da ya yi, ba tare da an yanke masa ko kwabo ba.

Game da ranar hutu, sashe na 13 ya ba ma'aikaci hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. In aka rage masa, sai a rama masa lokacin cikin kwana 14 ko a biya shi a farashin oba. Biyan ninki biyu na ranar Lahadi ya cika wannan sharaɗin, amma in kusan kowace Lahadi ana kiran mutum ɗaya, kamfanin yana buƙatar makanike na biyu.

Mataki na 10: In an ƙi biya

A fara da akanta, da hoton shafin littafin a hannu, domin sau da yawa mantuwa ce ko kuskuren shigarwa. In bai gyaru ba a rubuta wa manaja takarda mai kwanan wata, a jera ranakun da adadin kuɗin, a karɓi sa hannu a kan kwafi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce: "Gyaran da ka yi da rana ne bai yi kyau ba, shi ya sa inji ya tsaya." Ko da hakan ta faru, hana kuɗin da aka yi alkawari a rubuce ba hukuncin da manaja zai yanke shi kaɗai ba ne. Sashe na 5 ya hana yanke albashi a matsayin tara, kuma cire kuɗi saboda ɓarnar da sakacin ma'aikaci ya jawo yana buƙatar amincewar jami'in ƙwadago a rubuce tun kafin a cire. Maganar sakaci a bi ta hanyar takardar gargaɗi, kuɗin kira kuma a biya.

In cikin gida ya gagara, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Sakkwato, inda jami'an ƙwadago ke kiran ɓangarorin biyu don sasantawa. Bayansa akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Sakkwato kuma ita ce ke sauraren shari'un albashi da sharuɗɗan aiki. Kuɗin kiran wata ɗaya bai kai kuɗin lauya ba, don haka masu zuwa kotu galibi suna haɗa shi ne da sauran haƙƙoƙinsu, kamar albashin da ba a biya ba. Duk inda za a je, a ɗauki abu huɗu: takardar yarjejeniya mai sa hannu, hotunan shafukan littafin kira, saƙonnin waya, da takardun albashi na watannin da ake magana a kansu.